Faktir ɗin wuta ya wuce abin da kontar yake nunawa: yaya zan rubuta musu?

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Tawa ce, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a gida tun rasuwar maigidana. Kuɗin wutarmu bai cika wuce jika 20 a wata ba, sai a watan Maris aka kawo mini faktir na sama da jika 80. Na ci bashi na biya don kada a yanke. Na Afrilu da na Mayu ma ba su yi daidai da kontar ba, ban biya su ba, yanzu kuma ana maganar yanke wuta. Na je biro na yi bayani da baki, kullum sai a ce za a duba. Ɗana ya ɗauki hoton kontar ranar 2 ga Yuni, ga shi nan tare da hotunan faktir biyar da rasit. Wutar da sunan marigayi take. Ina so in rubuta takarda amma ban san ta inda zan fara ba.

Wata uwa daga Tawa

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa albarka a sana'arki da zuriyar da ya bari.

Na zauna da hotunan da kika turo na jera su wata bayan wata, kuma ina so ki kwantar da hankali, domin shaidar da take hannunki ita ce mafi ƙarfi da mai wuta zai iya samu. Bari in nuna miki ita tukuna, don sai kin gane ta da kanki za ki iya tsayawa gaban kowane ma'aikaci ba tare da an juya ki ba.

A kowane faktir akwai lambobi biyu da suka fi jimillar kuɗin da ke ƙasa muhimmanci: tsohuwar lamba da sabuwar lamba, waɗanda ma'aikata suke kira andeks. Sabuwar ita ce abin da aka ce kontar ya nuna ranar da aka zo dubawa. Idan aka cire tsohuwar daga sabuwar, abin da ya rage shi ne kilowat ɗin da ake neman ki biya. Na Janairu ya tashi daga 14210 zuwa 14395, kilowat 185 ke nan. Na Fabrairu daga 14395 zuwa 14590, kilowat 195. Waɗannan biyun lafiya lau suke, su ne ma'aunin gidanki. Sai na Maris ya yi tsalle daga 14590 zuwa 15290, kilowat 700 a wata guda. Na Afrilu ya ɗora a kan wannan ya kai 15520, na Mayu kuma ya kai 15780, an rubuta cewa an duba ranar 27 ga Mayu.

To ga hoton ɗanki na 2 ga Yuni: kontar yana nuna 15305.

Kontar kamar ma'aunin kilomita na mota yake, gaba yake yi, ba ya komawa baya. Ba zai yiwu ya nuna 15780 ranar 27 ga Mayu, bayan kwana shida kuma ya dawo 15305 ba. Tsakanin lambobin nan biyu akwai kilowat 475, kuma wuta ce da aka rubuta miki alhali ba ta taɓa shiga gidanki ba. Wannan ita ce zuciyar takardarki. Duk sauran abin da za ki rubuta rakiya yake yi mata.

Akwai abu na biyu da lissafin ya fito da shi, wanda zai yi miki amfani a maganar yankewa. Daga 27 ga Fabrairu, ranar da aka karanta 14590, zuwa 2 ga Yuni, abin da gidanki ya sha a zahiri kilowat 715 ne cikin kwana 95, wato kamar bakwai da rabi a rana. Ya ɗan fi na lokacin sanyi, kuma haka ya kamata, domin a zafin Afrilu da Mayu na Tawa firiza ba ta hutawa, ga fanka dare da rana. Ke kuma da kika biya faktir ɗin Maris, kuɗin kilowat 700 kika zuba. Ashe dai kin riga kin biya kusan duk wutar da kika sha har farkon Yuni, saura kilowat 15, sai kuma ƴan kuɗaɗen da ake ɗorawa kowane wata ko an sha wuta ko ba a sha ba. Mai irin wannan lissafi a hannu ba mai gudun biya ba ce, kuma takardarki ta faɗi haka a fili.

Kafin ki rubuta komai, ki koma gaban kontar da faktir a hannu ki tabbatar da abu biyu. Na farko, lambar da aka buga a jikin kontar, wadda take kamar sunansa, ta yi daidai da lambar kontar da ke kan faktir ɗinki? A hoton da kika turo, gefen da lambar take ya yanke. Idan suka bambanta, maganar ta canza gaba ɗaya, mai yiwuwa wutar maƙwabci ake rubuta miki, kuma sai ki gina takardar a kan wannan. Yakan faru a gidajen da aka jera kontar uku ko huɗu a bango ɗaya. Na biyu, tunda naki mai fuskar gilashi ne da lambobi ke sauyawa, ki tabbata wadda aka ɗauka ita ce mai alamar kWh a gefe, domin irin waɗannan sukan nuna wasu lambobin daban kafin su dawo kan ta wutar da aka sha. Idan akwai ɗigo kafin lamba ta ƙarshe, abin da ke bayan ɗigon ba ya shiga lissafi.

Sannan ki ƙara wa hoton nan ƴan'uwa. Hoto ɗaya ana iya cewa ba a san ranarsa ba. Ɗanki ya sake ɗauka yau, ya sake bayan kwana uku, ya sake ranar da za ki kai takarda, kowane lokaci lambar jikin kontar da lambar wuta su fito tare a hoto guda. Kada a goge na asali daga wayar da ta ɗauka, domin a cikinta ne ranar da sa'ar ɗauka suke ajiye, kuma hoton da ya bi ta WhatsApp yakan rasa wannan bayanin. A buga su a takarda, a rubuta rana a ƙarƙashin kowanne. Hotuna uku ko huɗu da lambarsu take hawa a hankali, kilowat bakwai ko takwas a rana, suna nuna cewa kontar yana aiki daidai, abin da hoto ɗaya ba zai nuna ba.

A nan ne nake so ki saurare ni da kyau, domin a nan mutane da yawa suke ɓata nasu da hannunsu. Kada ki rubuta cewa kontar ɗinki ya lalace, kada ki nemi a canza shi. Babu abin da ya same shi, shi ne shaidarki. Ranar da aka cire shi aka tafi da shi, lambar 15305 ta tafi tare da shi, sai ki rage da hoto kawai. Abin da za ki nema shi ne a turo ma'aikaci ya karanta shi a gabanki, a rubuta lambar da ranar, ku sa hannu ku biyu. Kuma kada ki bari wani mai gyaran wuta na unguwa ya taɓa hatimin da ke jikinsa da sunan dubawa. Hatimi ya tsinke, maganar ta tashi daga kuskuren faktir ta koma zargin satar wuta, da tara a kanki.

Haka nan kada ki zargi mai karanta kontar da suna ko da zamba. Na san zuciya tana tafasa, bashin jika 80 ba wasa ba ne ga mai sayar da ƙanƙara. Amma hanyoyin da irin wannan kuskure yake shigowa suna da yawa: a iske ƙofa a rufe sai a ƙiyasta, ko a karanta daidai a shigar da lamba ɗaya ba daidai ba, sannan watannin da suka biyo baya a yi ta ɗorawa a kan lambar da ta riga ta karkace. Takardunki sun tabbatar an yi kuskure, ba su nuna wanda ya yi shi ko dalilinsa ba. Ki tsaya inda shaidarki ta tsaya. Takardar da ta shigo da zargi tana sa wanda ya karɓe ta ya fara neman kāre abokin aikinsa, wadda ta shigo da lambobi kuwa tana ba shi aikin da zai iya gamawa a zama ɗaya.

Ga yadda nake ganin za ki tsara ta. Shafi ɗaya ya isa. A sama ki sa sunanki, unguwa, lambar waya, lambar abone kamar yadda take a faktir, lambar kontar, sai gari da cikakkiyar rana har da shekara. Ki aika ta ga shugaban reshen da yake fitar miki da faktir, da muƙaminsa. Jikin takardar kuma kamar haka:

«Abin da takardar ta ƙunsa: ƙorafi a kan faktir na Maris, Afrilu da Mayu, da neman gyara.

Ranka ya daɗe, ni ce matar marigayi mai wannan lambar abone, kuma ni nake zaune a gidan nake biyan kuɗin wuta. Ina sanar da kai cewa lambobin da aka rubuta a faktir uku a jere ba su yi daidai da abin da kontar yake nunawa ba.

Faktir na Janairu ya nuna kilowat 185, na Fabrairu 195, ya tsaya a 14590 ranar 27 ga Fabrairu (shaida ta 1 da ta 2). Na Maris ya kai lambar 15290, kilowat 700, kuma na biya shi gaba ɗaya (shaida ta 3, da rasit shaida ta 4). Na Afrilu ya kai ta 15520, na Mayu 15780 ranar 27 ga Mayu (shaida ta 5 da ta 6). Amma ranar 2 ga Yuni kontar yana nuna 15305 (shaida ta 7), wato ƙasa da lambar faktir na Mayu da kilowat 475.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu: a turo ma'aikaci ya karanta kontar a gabana a rubuce, a soke faktir ukun a sake lissafa su bisa lambar gaskiya, a mayar mini da rarar abin da na biya ko a ajiye mini shi a kan faktir masu zuwa, tare da takardar da ta nuna haka, a dakatar da yanke wuta har a gama binciken. A shirye nake in biya duk abin da sabon lissafi ya nuna ana bina. Ina fatan samun amsa a rubuce cikin kwana 15.»

Sai gaisuwar rufewa da sa hannu, a ƙasa kuma jerin shaidun da lambobinsu. Inda na ce kin biya, ki ƙara ranar da ke kan rasit da adadin kuɗin daidai har tamma ta ƙarshe. Sababbin hotunan su zama shaida ta 8, ta 9, kowanne da ranarsa da lambar da ya nuna. Zuwan da kika yi biro da baki, idan kina tuna ranakun, ki sa su a layi ɗaya. Idan ba ki tuna ba, ki ce kawai kin kai ƙorafi da baki ba a gyara ba. Kada ki ƙirƙiro rana, domin rana ɗaya da ba ta yi daidai ba tana iya sa a yi shakkar sauran.

Ki lura da roƙo na biyu, akwai dalilin da ya sa na ce a sake lissafa watanni ukun, ban ce a cire kilowat 475 kawai ba. Farashin wutar gida hawa-hawa ne: kilowat na farko-farko a wata sun fi araha, idan aka haye wani mataki farashin kowane kilowat ya ƙaru, haraji kuma a kan kuɗin yake hawa. Da aka tara miki 700 a wata guda, mafi yawansu a mataki mai tsada aka lissafa su. Idan aka raba 715 ɗin a kan wata uku, kusan 240 kowane wata, kuɗin zai sauka sosai. Wanda ya yarda a cire masa 475 daga faktir na gaba kawai, ya bar wannan bambancin a hannun kamfani. Kwana 15 ɗin da na sa kuwa wa'adi ne na hankali da kika ba su, amfaninsa shi ne ya ba ki ranar da za ki ce na jira ban ji komai ba.

Maganar suna: tunda wutar da sunan marigayi take, ki haɗa da kwafin takardar rasuwarsa da na katinki na ɗan ƙasa, don kada a ce ba ke ce mai magana ba. Mayar da wutar sunanki abu ne mai kyau, amma ki bar shi sai an gama wannan, ko ki nemi shi a takarda daban. Buƙata biyu a takarda ɗaya sukan sa a amsa mai sauƙin a manta da ɗayar.

Aikin birori har yanzu da Faransanci ya fi tafiya, don haka ki ba ɗanki ko wani mai rubuta takardu ya juya ta. Idan ya gama, ya karanta miki lambobin ɗaya bayan ɗaya kina riƙe da faktir, domin mai juyawa yakan kula da kalmomi ya yi sakaci da lamba. Kuma kada ki bari ya ƙawata ta da dogayen maganganu ko barazanar kotu. Yadda take a taƙaice ɗin nan ta fi.

Yanzu kai takardar, wanda shi ne ya raba wannan tafiyar da waɗanda kika yi a baya. Ki yi kwafi biyu na komai. Na asali, faktir da rasit, su zauna a gida, fotokopi kawai za ki miƙa. Ki kai wa sakatariya ko inda ake karɓar wasiƙu, ba wurin biyan kuɗi ba. Ki miƙa ɗaya, ki ce a buga miki hatimi a kan ɗayar, a rubuta ranar karɓa da lambar shiga, a sa hannu. Kada ki fito sai da wannan. Ƙorafin baki ba ya barin sawu, shi ya sa kowane zuwa kike farawa daga farko. Kwafi mai hatimi kuwa yana cewa ranar kaza wannan reshen ya sani. Idan aka ƙi buga miki, ki aika ta gidan waya a matsayin wasiƙa mai rajista wadda ake dawo miki da shaidar an karɓa, ki ajiye rasit ɗin.

Ba zan ɓoye miki ba, takardar ƙorafi ita kaɗai ba ta ɗaure hannun masu yanke wuta. Su jerin waɗanda ake bi bashi ake ba su, kuma sunan gidanki yana ciki har sai wani ya cire shi. Saboda haka ranar da kika kai takardar, ki nemi ganin mai kula da faktir ko shugaban reshen, ki nuna masa 15780 da 15305 gefe da gefe, ki roƙi a rubuta a kan kwafinki cewa an dakatar da yankewa. Ki ajiye fotokopin kwafin mai hatimi kusa da kontar, wanda duk yake gida ya san inda yake. Idan aka ce sai kin biya wani abu kafin a dakatar, kuma kina da hali, ki biya kwatankwacin abin da kika saba, ki karɓi rasit, ki ƙara shi cikin shaidu. Firizarki ita ce abincin gidan, kwana uku babu wuta a wannan zafin asararsa ta fi abin da za ki ajiye ɗin, kuma kuɗin da aka biya da rasit ana lissafa shi idan an zo gyara. Abin da ba za ki yi ba shi ne ba wani kuɗi a hannu don ya ɗaga miki ƙafa. Wannan ba ya rage bashin da ke rubuce ko da dala ɗaya.

Idan kwana 15 suka cika shiru, ki rubuta ta biyu, gajeriya, zuwa ga daraktan kamfanin na jihar Tawa, ki ambaci ranar da lambar shigar ta farko, ki haɗa kwafinta mai hatimi da sabon hoton kontar. Idan nan ma ba a motsa ba, akwai hukumar da take sa ido a kan harkar makamashi a ƙasar nan, ARSE, wadda aka kafa a 2015, mazauninta a Yamai, kuma kāre haƙƙin masu amfani da wuta yana cikin aikinta. Za ta so ta ga cewa kin fara bi ta kamfanin, shi ya sa kwafin nan masu hatimi suke da daraja. Ƙungiyoyin kāre haƙƙin masu saye ma sukan raka mutum a irin wannan. Ɗauko wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani a kontar shaida ce da ta fi hoto ƙarfi, amma kuɗi ake biyansa, don haka ki bar shi sai idan an musanta hotunanki.

Abu ɗaya kuma game da lokaci. Kontar ɗinki yana hawa bakwai da rabi a rana, nan da wata biyu da ƴan kwanaki zai kamo 15780 da kansa. Daga ranar, wanda ya zo dubawa ba zai ga wani bambanci da idonsa ba, kuma ana iya ce miki ai abin ya daidaita, alhali kuɗin mataki mai tsada da kika biya a Maris bai dawo ba. Don haka ki kai takardar cikin wannan satin, ki matsa a zo a karanta kontar tun tazarar tana da faɗi. Idan kuma suka zo da sabon kontar a hannu suka ce canzawa za su yi, ki ce a fara rubuta lambar tsohon da lambar jikinsa da ranar a takarda, ma'aikacin ya sa hannu, a ba ki kwafi, ɗanki kuma ya ɗauki hoto kafin a kwance shi.